Shafin farashinmu yana ruɗa mutane, ta ina zan fara gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da manhajar da asibitoci ƙanana da masu gyaran gashi da makamantansu suke tsara lokutan zuwan kwastomominsu da ita, ana biya duk wata. Tsare-tsarenmu huɗu ne: Basic, Standard, Pro da Premium, farashinsu 10, 18, 25 da 60 (na share sifilan ƙarshe don lissafi ya yi sauƙi). A ƙarƙashinsu akwai jadawali mai layi 32. Mutane suna shiga shafin sosai, amma maimakon su biya sai su turo mana saƙo wai wanne ya dace da su. Wasu kuma bayan an cire musu kuɗi sai su ce ba haka suka fahimta ba. Yaya zan sake tsara shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka taɓa launi ko girman rubutu, ka buɗe saƙonnin da ake turo muku ɗin nan ka karanta guda hamsin na baya-bayan nan. Ina kyautata zaton za ka tarar yawancinsu sun fara ne da faɗin yawan ma'aikata: "ni kaɗai nake aiki", "mu uku ne", "muna da rassa biyu". Mutumin ya zo da ma'auninsa a hannu, wato yawan mutanen da za su yi amfani da manhajar, shafinku kuma yana ba shi amsa da wani ma'auni daban, wato jerin abubuwa 32 da bai san rabinsu ba. Daga nan ruɗanin ya faro, shi ya sa gyaran ma daga nan zai fara.

Tsare-tsaren biyan wata-wata suna bukatar abu guda ɗaya tak da yake raba su, abin da kwastoma ya riga ya san amsarsa tun kafin ya buɗe shafin. Wani kamfanin yawan ma'aikata ne ma'auninsa, wani girman ma'ajiya, wani yawan saƙon da ake turawa a wata. Ma'auni mai kyau yana cika sharuɗɗa biyu: mutum ya san lambarsa da ka, ba sai ya yi bincike ba, kuma lambar tana ƙaruwa ne idan harkarsa tana bunƙasa, ta yadda ƙarin kuɗin ba zai yi masa ciwo ba. A wajenku yawan ma'aikata ya cika duka biyun. Yawan ganawa a wata bai cika na farko ba, domin mai shago ba kasafai yake sanin ko ganawa 180 ya yi a watan jiya ko 240 ba, kuma wanda bai san lambarsa ba tsoron zaɓe yake yi.

Idan ka ɗora tsare-tsarenku huɗu a kan wannan ma'auni, za ka ga na 18 ba shi da mazauni. Bambancinsa da na 25 kuɗi kaɗan ne, kuma ina tsammanin idan aka tashe ka daga barci aka ce wa aka yi wa Standard, wa aka yi wa Pro, sai ka ɗan yi jim. Abin da mai kaya ya yi jim a kansa, mai saye ba zai warware shi a cikin daƙiƙa goma ba. Ka janye shi daga shafin, waɗanda suke kansa ka bar su a yadda suke. Sai ya rage uku: na 10 na mutum ɗaya, na 25 na ma'aikata har biyar, na 60 na ma'aikata har ashirin.

A nan wani zai kawo maka binciken nan da Sheena Iyengar da Mark Lepper suka wallafa a 2000, inda aka baje wa masu sayayya kala 24 na wani kaya a wani lokaci, kala 6 a wani lokacin, sai kusan kashi 30 cikin ɗari na waɗanda suka tsaya a wajen shidan suka saya, a wajen ashirin da huɗun kuwa kashi 3 kacal. Binciken gaskiya ne, amma kada ka ɗauke shi doka, domin wani nazari da aka yi a 2010, wanda ya tattara gwaje-gwaje kusan hamsin irinsa, ya tarar idan aka haɗa su gaba ɗaya tasirin bai taka kara ya karya ba. Abin da yake hana mutum zaɓe shi ne abubuwa masu kama da juna da bai san yadda zai bambanta su ba. Saboda haka dalilin cire na 18 shi ne kamarsa da na 25, ko da a ce tsare-tsaren uku ne kawai da ma sai na ce a cire shi.

Sunayen ma ka canza su. Basic da Premium suna faɗa wa mutum matsayinsa ne, ba su faɗa masa ko kayan nasa ne ba, kuma ba wanda yake son a kira harkarsa ta ƙasa-ƙasa. Ka sa suna da yake nuna mai shi: Ni Kaɗai, Tawaga, Rassa, ko makamancinsu a harshen da kwastomominku suke karantawa. Ƙarƙashin kowane suna jimla ɗaya, misali "Ga shago mai ma'aikata biyu zuwa biyar". Wanda ya ce "mu uku ne" ya ga gidansa tun bai gangara ƙasa ba.

Akwai wani rami da wannan tsari yake haƙawa, gara ka cike shi tun yanzu. Mai ma'aikata biyar yana biyan 25. Ranar da ya ɗauki na shida sai ya ga 60 a gabansa, fiye da ninki biyu saboda mutum ɗaya. Abin da zai yi sananne ne: zai sa biyu su riƙa shiga da suna ɗaya, ko ya fara neman wata manhajar. Maganinsa ka ba da damar ƙara ma'aikaci a tsarin Tawaga a kan 5 kowane mutum. Mai shida zai biya 30, mai takwas 40, mai goma sha biyu kuma ya kai 60, inda komawa Rassa ya zama shi ne hankali, ba tare da kowa ya tura shi ba. Wannan layi, "ƙarin ma'aikaci: 5 a wata", ya zauna a cikin akwatin tsarin kansa, kusa da farashi.

To, akwatunan uku da suke saman shafin. Kowane ya ƙunshi suna, jimlar da take faɗin mai shi, farashi, maɓalli, sai abubuwa huɗu ko biyar, shi ke nan. Na farko ya lissafa abin da yake cikinsa. Na biyu ya fara da "Duk abin da yake cikin Ni Kaɗai, da ƙarin:" sannan ya kawo sababbin kawai, na uku ma haka. Da wannan ido yake ganin abin da ƙarin 15 ɗin nan ya saya masa ba tare da ya sake karanta abu ɗaya sau uku ba. Ka jera su daga mai araha zuwa mai tsada, farashin duka a layi ɗaya, maɓallan ma a layi ɗaya, don kada ido ya riƙa hawa da sauka.

Haskaka tsari ɗaya da wani launi yana taimakawa, kuma mutane sukan karkata ga na tsakiya idan ba su da tabbas. Sai dai abin da za ka rubuta a kansa ya zama gaskiya. Idan ka sa "Wanda aka fi zaɓa", to alƙalumanku su nuna haka. In ba haka ba ne ka rubuta "Ya fi dacewa da ƙananan tawagogi", wanda shawara ce, ba ikirari ba.

Ba na shakkar wani zai ba ka shawarar ka bar na 18 ɗin a matsayin tarko, don ya sa na 25 ya yi kyau a ido. Dabarar tana da asali. Dan Ariely ya gwada ta da tallar mujallar The Economist: dala 59 ta intanet, dala 125 ta takarda, dala 125 duka biyun. Cikin ɗalibai 100, babu ko ɗaya da ya zaɓi ta takarda zalla, 84 suka ɗauki haɗin. Da ya cire wannan zaɓin da ba wanda ya so, masu ɗaukar haɗin suka sauko zuwa 32. Amma ka lura, waɗannan ɗalibai sau ɗaya suka zaɓa, a kan takarda, suka tashi. Naka kwastoman kowane wata ake cire masa kuɗi, kowane wata yana da damar sake tunani. Wanda aka lallaɓa ya hau tsarin da ya fi ƙarfin bukatarsa, a wata na biyu ko na uku zai farga, kuma sau da yawa ba sauka yake yi zuwa ƙaramin tsari ba, tafiyarsa yake yi gaba ɗaya. Ni dai ban taɓa ba wa mai harkar wata-wata shawarar tarko ba.

Sai jadawalin nan mai layi 32. Ka ɗauki biro ka bi shi layi-layi. Duk layin da tsare-tsare ukun suke da alamar ✓ gaba ɗaya, ka fitar da shi, domin ba ya kwatanta komai. Ka tara irinsu a jimla ɗaya a saman jadawalin: "Kowane tsari yana da kalanda, tunatarwa ta imel, manhajar waya, da ajiyar bayanan kwastomomi." A irin jadawalan da na gyara, wannan kaɗai yakan cinye wajen rabi. Ragowar ka kasa su gida uku ko huɗu, kowane da ɗan kansa, misali ma'aikata da rassa, saƙonni, rahotanni, taimako. Inda akwai lamba ka rubuta lambar. "Saƙon tes: 100, 500, 2,000 a wata" ya fi alamar ✓ uku amfani nesa ba kusa ba. Kalmar "babu iyaka" kuma kada ta fito sai idan da gaske babu iyakar. Idan akwai wani adadi da za ku tsayar da mutum a kansa, ku rubuta shi, tun da ranar da ya ci karo da shi ba zai ce ya wuce gona da iri ba, cewa zai yi kun yi masa ƙarya.

Sunan kowane layi ya zama da bakin kwastoma. Injiniyoyinku suna cewa API, mai gyaran gashi kuwa abin da zai gane shi ne "haɗawa da manhajar lissafin kuɗinka". Inda abu babu shi a wani tsari, ka rubuta "Babu" ko ka sa alama mai siffa daban, kada ka dogara da kore da ja kawai, domin kusan namiji ɗaya cikin goma sha biyu yana da matsalar bambance launuka, galibi waɗannan biyun.

A waya ne jadawali yake tona asirin wanda ya tsara shi. Mutum ya gangara layi goma, sunayen tsare-tsaren sun ɓace a sama, ya manta wace lamba ce ta wa. Ka sa mai rubuta muku shafin ya maƙale layin sunayen a sama da `position: sticky; top: 0`, kuma ya gina jadawalin da `<table>` da `<th>` na gaske don manhajojin da suke karanta wa makafi shafi su iya bin sa. Bayan haka ka karɓi waya mafi ƙanƙanta a ofishinku ka gwada da hannunka.

Yanzu ga inda nake ganin rigimar "ba haka na fahimta ba" take fitowa, kuma a nan zan fi daɗewa. Kusan kullum daga yadda ake nuna farashin shekara ne. A ce kuna ba da rangwamen wata biyu ga mai biyan shekara, wato Tawaga ta zama 250 maimakon 300. Idan aka raba 250 gida goma sha biyu ana samun 20.83. Sai shafi ya rubuta "20.83 a wata" da manyan lambobi, can ƙasa da ɗan siririn rubutu mai ruwan toka a ce ana biya ne a shekara, kuma maɓallin sauyawa tsakanin wata da shekara ya riga ya kwanta a kan shekara tun da aka buɗe shafin. Mutum ya danna yana jiran a cire 20.83, sai ya ga saƙon banki na 250. Ka ga laifin wa? Na taɓa aiki da wani kamfani da suka yi haka, suka yi ta murna sati biyu cewa masu biyan shekara sun ƙaru, kafin buƙatun mayar da kuɗi da ƙorafe-ƙorafe ta hannun bankuna su fara sauka. Ƙorafin da ya bi ta banki kuwa ba kuɗin cinikin kaɗai yake ci ba, akwai tara a kansa, kuma idan ya yi yawa kamfanin da yake karɓar muku kuɗi zai fara yi muku kallon hadarin kaji.

Ƙa'idar da nake bi ita ce, lambar da ta fi girma a akwati ta zama ita ce za a cire daga asusun mutum yau. Idan yana kan shekara, ya ga "250 a shekara", ƙarƙashinta "daidai da 20.83 a wata, ka rage 50". Idan ka fi son nuna ta wata da girma don a kwatanta, to "za a cire 250 yau" ta zauna dab da ita, da rubutu mai karantuwa. Rangwamen kuma ka ce "wata biyu kyauta", ya fi kashi 16.7 cikin ɗari shiga kai. Haraji ma haka: kusa da farashi ka faɗa ko yana ciki ko za a ƙara a wajen biya. Ba a cinikin biri a sama.

Maɓallin shi ma ya faɗi abin da zai faru. "Fara" ba ta ce komai ba. "Fara gwajin kwana 14" ta faɗi wani abu, sai ƙarƙashinta layi ɗaya: ko "ba a buƙatar katin banki", ko "za a cire 25 ranar da gwajin ya ƙare, za mu tuna maka kwana uku kafin nan". Wannan ya wuce ladabi kawai. A Tarayyar Turai, dokar kare masu saye ta 2011 ta wajabta cewa maɓallin ƙarshe na ciniki ya nuna ƙarara cewa danna shi ɗaukar nauyin biya ne, in ba haka ba cinikin bai hau kan mai saye ba. A Amurka kuma hukumar kare masu saye ta FTC ta kai Amazon kotu a 2023 kan yadda ake shigar da mutane tsarin biyansa mai suna Prime da wahalar fita daga cikinsa, aka sasanta a 2025 a kan dala biliyan 2.5. Idan kuna da kwastomomi a wata ƙasa, ka nemi lauya ya duba muku dokarta kan sabunta biya kai tsaye.

Ɓangaren tambayoyi da amsoshi na ƙasan shafi, yawancin kamfanoni talla suke zubawa a ciki, irin "Me ya sa manhajarku ta fi kowace?" Ba wanda ya taɓa tambayar haka. Ka koma kan saƙonni hamsin ɗin nan, ka ware waɗanda suka shafi kuɗi, ka ɗauki shida ko bakwai da suka fi maimaituwa, ka rubuta su yadda masu su suka faɗe su. Kowace amsa ta fara da e ko a'a ko lamba, bayani ya biyo baya.

Ɗauki tambayar canza tsari a tsakiyar wata. "Za a daidaita kuɗin gwargwadon kwanaki" magana ce da ba ta kwantar wa kowa da hankali. Ka ba da misali da lambobi: kana kan tsarin 10, bayan kwana 12 a wata mai kwana 30 ka koma na 25. Saura kwana 18. Abin da ya rage maka a tsohon tsarin 6 ne, kuɗin kwana 18 a sabon 15 ne, don haka yau za a cire 9, daga wata mai zuwa kuma 25. Wanda ya karanta wannan ba zai turo saƙo ba idan ya ga an cire 9. Sauka zuwa ƙaramin tsari ma ka faɗi lokacin da take fara aiki, da abin da zai sami ma'aikatan da suka haura adadin.

Tambayar sokewa ita ce mutane suka fi jin nauyin yi, ita ce kuma ta fi tsayar da hannunsu a kan maɓalli. Amsarta ta ƙunshi abu uku: inda ake dannawa a soke ba tare da an kira kowa ba, ranar da manhajar za ta daina aiki, wato ƙarshen lokacin da aka riga aka biya, da makomar bayanansa. Wannan na ƙarshen a harkarku ya fi komai nauyi, domin sunayen kwastomomin mutum da lambobinsu su ne jarinsa. Ka gaya masa zai iya sauke su a fayil ɗin CSV, kuma kwana nawa za ku ajiye su bayan ya tafi. Masu kamfani sukan ji tsoron cewa bayyana hanyar fita zai sa a fita. Abin da na gani shi ne wanda ya ga ƙofa a buɗe ya fi saurin shigowa. Sauran tambayoyin, irin me zai faru idan saƙonnin tes suka ƙare kafin wata, ko idan kati ya ƙi biya, jimla biyu-biyu sun ishe su, muddin an faɗi lamba da rana. Manyan shakku biyu ko uku kuma kada ka jira sai an gangara ƙasa, ka ɗora gajeriyar amsarsu ƙarƙashin maɓallan tun a sama.

Game da gane ko gyaran ya yi aiki, kada ka yi saurin shiga gwajin raba baƙi gida biyu, rabi su ga tsohon shafi, rabi su ga sabo. Idan kashi 3 cikin ɗari na masu shiga ne suke biya, kana so ka tabbatar sabon shafi ya kai su 3.6, kana buƙatar baƙi wajen 13,000 a kowane ɓangare kafin sakamakon ya zama abin dogaro. Idan ba ku da wannan yawan, abin da za ka gani a sati ɗaya sa'a ce kawai. Abin da ya fi muku shi ne ka samo mutum biyar irin kwastomominku waɗanda ba su taɓa ganin shafin ba, ka miƙa wa kowane waya, ka ce masa: ku huɗu ne a shagonku, wanne za ka ɗauka, nawa za a cire maka yau, yaya za ka yi idan kana so ka daina? Sai ka kama bakinka, kada ka taimaka ko da ya juyo yana kallonka. Inda biyu daga cikinsu suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, nan ne gyara. Bayan an saki shafin kuma ka riƙa ƙirga abu uku duk wata: saƙonnin "wanne ya dace da ni", buƙatun mayar da kuɗi a satin farko bayan biya, da yawan waɗanda suke nan har wata na uku. Ka rubuta lambobin watan nan tun yau, kafin a taɓa komai, don ka sami abin da za ka auna da shi.